Takardu Uku Kafin Akanta Ya Saki Kuɗi

Tirelar siminti ta shigo harabar wani kamfanin gine-gine da la'asar sakaliya, direba yana ta azarɓaɓi a sauke masa ya kama hanya kafin duhu. A hannunsa akwai takardar rakiyar kaya, wadda direbobi ke ce wa wabil, an rubuta buhu 600 a kanta. Bayan kwana biyu takardar neman biya ta dilan simintin, wato inbois, ta iso teburin akanta, ita ma buhu 600 take faɗi. Kowa ya ga mota ta shigo, kowa ya ga leburori sun yi fari fat da ƙurar siminti. Mai kallo daga waje zai ce ba abin da ya rage sai a tura wa mutum kuɗinsa.

Akantan da ya san aikinsa ba zai tura ba tukuna. Wabil da inbois duk daga hannu ɗaya suka fito, hannun mai son a biya shi, don haka yardar da suka yi da juna ba shaida ba ce. Abin da akantan ke jira shi ne ya shimfiɗa takardu uku a gabansa, kowace daga wani ofishi dabam, ya bi su layi-layi ya ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Wannan daidaita takardu uku shi ne ƙofar da ake son kowane biyan kuɗin kaya ya bi, a kamfani ko asibiti ko makaranta ko ma'aikatar gwamnati.

Ta farko ita ce takardar oda, wadda sashen sayayya ke rubutawa tun kafin kaya su motsa daga inda suke. Ita ke faɗin abin da kamfani ya yarda zai saya: wane irin kaya, guda nawa, a kan nawa, daga wurin wa, a kai ina, kuma a biya bayan kwana nawa. Tana da lambarta da ba a maimaitawa, da sa hannun wanda aka ba ikon kashe kuɗi har wannan adadi. Ta biyu ita ce takardar karɓar kaya, wadda mai kula da sito ke cikewa a ranar da kaya suka iso, bayan ya ƙirga kuma ya duba lafiyarsu. Ta uku ita ce inbois ɗin mai kawo kaya. A manhajojin lissafi na kwamfuta za a ga biyun farko da sunayen PO da GRN, a ma'aikatun gwamnatin Najeriya kuwa an fi sanin su da LPO da SRV. Ta farko tana faɗin abin da aka nema, ta biyu abin da aka samu, ta uku abin da ake so a biya.

Ƙa'idar haɗa su gajeriya ce, kuma wanda ya riƙe ta ya riƙe rabin aikin. Farashi daga oda ake ɗaukar shi, adadi daga takardar sito. Inbois ba ya da ikon kawo nasa farashin ko nasa adadin, sai dai a gwada shi da na waɗancan biyun. In ya dace a biya, in bai dace ba a riƙe shi a nemi bayani.

A koma ga simintin a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce oda ta ce buhu 600 mai kilo 50, kowane buhu a kan naira 9,500. Da aka zo saukewa, mai sito ya tsaya a bakin mota da littafinsa, aka jera buhunan goma-goma, ƙirga ta tsaya a 592. Takwas ba su zo ba. Cikin waɗanda suka zo kuma, 12 daga can gefen mota inda tamfol ya yage sun sha ruwan sama sun daskare, in an ƙwanƙwasa su sai su amsa kamar dutse. Mai sito ya ware su, ya rubuta cewa an kawo 592, an ƙi 12, an karɓi 580. Ya sa direba ya sa hannu a kan wannan adadi, ya kuma rubuta shi a jikin wabil ɗin da direban zai koma da shi.

Inbois kuwa ya zo da buhu 600 a kan naira 9,800, jimla naira 5,880,000 kafin haraji. Abin da ya halatta a biya shi ne buhu 580 na takardar sito a kan 9,500 na oda, wato naira 5,510,000. Tsakaninsu akwai naira 370,000, kuma akantan kirki ba zai bar ta dunƙule ba, zai raba ta gida biyu domin kowane gida da mai amsa tambayarsa. Naira 190,000 kuɗin buhu 20 ne da ba su shiga sito ba, wannan maganar sito ce da direba. Naira 180,000 kuma ƙarin naira 300 ne da aka ɗora wa kowane buhu, wannan maganar sashen sayayya ce da dila. Harajin sayen kaya, wanda a Najeriya ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, a kan jimlar ake lissafa shi, don haka jimla mai kumburi tana jawo haraji mai kumburi. In aka haɗa da shi, rarar da aka kusa biya ta kai naira 397,750 a mota ɗaya.

Ba lallai ne a ce akwai ɓarawo a wannan labari ba, kuma ya kamata a yi wa dila adalci. Mai yiwuwa a defo aka yi kuskuren lodi. Mai yiwuwa farashi ya tashi tsakanin ranar da aka rubuta oda da ranar da aka yi lodi, abin da duk mai sayen siminti ya saba gani, kuma dilan ya kira jami'in sayayya a waya ya gaya masa, shi kuma ya ce ba komai, Alhaji, a kawo kawai. Matsalar ita ce ba komai ta waya ba ta isa teburin akanta. In da gaske an amince da sabon farashi, sai a gyara oda a rubuce, wanda ke da ikon sa hannu ya sake sa hannu, sannan inbois ya wuce. In ba a amince ba, dila ya janye wannan inbois ya kawo sabo, ko ya aiko da takardar rage bashi wadda ke soke rarar, ɗauke da lambar inbois ɗin farko. Abin da ba a so shi ne akanta ya ɗauki biro ya soke 600 ya rubuta 580 a takardar wani. In ya yi haka littafin kamfani zai nuna an gama biya, littafin dila kuma zai ci gaba da nuna bashi, sai ƙarshen shekara rigimar ta tashi lokacin da kowa ya manta da tamfol ɗin da ya yage.

Cikin takardun nan uku, ta sito ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita kaɗai ta taɓa kayan. Oda an rubuta ta kafin a ga kaya, inbois an rubuta shi a wani gari. Idan takardar sito ta yi ƙarya, sauran biyun za su dace da ita lafiya lau, akanta ya buga hatimi da zuciya ɗaya, kuɗi su fita a kan kayan da babu su.

Kuma ƙaryarta sau da yawa ba ta mugunta ba ce, ta gajiya ce da kunya. Mota ta iso ana kiran magariba, direba ya leƙo ya ce, "Malam, don Allah sa mini hannu in wuce, wallahi cif suke, a gabana aka loda." Mai sito ya dubi tulin kaya, ya dubi agogo, ya kwafi adadin da ke kan wabil ya zuba a takardarsa. Daga wannan lokaci takardu uku sun koma biyu, domin takardar sito ta zama kwafin maganar mai kaya. Wannan shi ne ramin da tsarin ya fi faɗawa, kuma ba manhajar da za ta iya gano shi daga ofis.

Masu binciken kuɗi sun daɗe da samo wata dabara a kan haka. Kwafin odar da ake aika wa sito sai a rufe gurbin adadi, a bar sunan kaya da na mai kawowa. Mai sito ya san siminti na zuwa daga wurin wane, amma bai san ko 600 ne ko 550 ba, don haka dole ya ƙirga kafin ya sami abin rubutawa. Wasu wuraren sukan ƙara da cewa mutum biyu ne za su karɓi kaya, mai sito da wani daga sashen da ya nemi kayan, domin mai sito ya iya ƙirga kwali amma ba lallai ya san ko maganin da ke ciki shi likita ya nema ba, ko saura wata nawa wa'adinsa ya ƙare. Ana kuma son takardun karɓar kaya su kasance masu lamba a jere tun daga maɗaba'a, ta yadda in aka ga 0417 da 0419 za a tambayi inda 0418 ta shiga.

Ba kowane kaya ake ƙirgawa da yatsa ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a bakin sito kimar ido ba ta isa. Masara ko waken suya da aka kawo wa kamfanin abincin kaji, sikelin mota ake hawa da su: a auna motar da kaya, a auna ta bayan an sauke, abin da ke tsakani shi ne nauyin da za a rubuta, kuma tikitin sikelin ya bi takardar sito. Man gas na janareta, ana zura sandar awo a tanki kafin a juye da bayan an juye. Aikin da ba kaya ba ne, kamar gyaran rufi ko gadi ko shara, ba shi da abin da zai shiga sito, sai takardar shaidar kammala aiki ta tsaya a gurbin takardar karɓar kaya, kuma wanda ya ga aikin da idonsa ne ya kamata ya sa mata hannu. A nan tsarin ya fi rauni, domin buhu ana iya komawa a sake ƙirga shi, amma gadin watan jiya ba a iya komawa a duba.

Wanda ya zauna a ofishin biyan kuɗi zai lura cewa yawancin takardun da ke maƙalewa ba na zamba ba ne. Akwai rikicin ma'auni: oda ta ce kwali 40, sito ya rubuta 480 domin ya fasa kwalayen ya ƙirga ɗaiɗai, dozin-dozin a kowane kwali, inbois kuma ya zo da farashin guda ɗaya. Kowa gaskiya ya rubuta, amma ba a kan ma'auni ɗaya ba. Akwai kuɗin mota da na lodi da suka bayyana a inbois alhali oda ba ta ce ga wanda zai ɗauke su ba. Akwai inbois da ya riga kaya isowa, da wanda ya zo ba lambar oda a jikinsa, sai akawu ya yi ta yawo ofis-ofis yana tambayar wa ya sayi wannan.

Wanda ya fi kowanne haɗari shi ne kayan da ake kawowa kashi-kashi. Oda ɗaya ta buhu 1,800 tana iya zuwa a mota uku, da takardar sito uku, da inbois uku ko huɗu. Idan akanta yana gwada kowane inbois da odar kaɗai, kowanne zai wuce, domin 600 bai kai 1,800 ba, har na huɗun da ba motar da ta kawo kayansa. Dole a riƙe lissafi mai tafiya a bayan kowace oda: nawa aka nema, nawa aka karɓa zuwa yau, nawa aka riga aka biya. Takardar sito kuma da zarar an biya a kanta sai a buga mata hatimin an biya, don kada ta sake dawowa a bayan wani inbois. Biya sau biyu ta haka yake faruwa. Mai kaya ya ji shiru, ya sake aiko da kwafin inbois, wani akawu dabam ya shigar da shi da ɗan bambanci a lamba, ya bar sifili ɗaya ko ya ƙara layi, kwamfuta ta ɗauke shi sabo.

Saboda yawan waɗannan ƙananan saɓani, kamfanoni kan sa iyakar rangwame. Misali a ce bambancin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, kuma bai wuce wani adadi na naira ba, a bar shi ya wuce ba sai an tsayar da biya ba. Akwai hikima a ciki, domin ba dabara ba ce ma'aikata uku su kashe yini suna bin sawun naira ɗari biyu. Sai dai iyakar tana buƙatar duka ƙafafun biyu, kaso da adadin kuɗi, domin kashi ɗaya cikin ɗari na naira miliyan 500 naira miliyan biyar ne. Kuma mai kayan da ya gane inda iyakar take yana iya zama a gindinta, kullum inbois ɗinsa ya haura oda da ɗan abin da ba za a tsayar ba. Ana gane shi ne in an jera takardunsa na wata shida: kuskure na gaskiya yakan faɗi gefe biyu, wani lokaci sama wani lokaci ƙasa, amma nasa kullum sama yake.

Nauyin wannan aiki ya taɓa sa wani babban kamfani ya sake tunani. A farkon shekarun 1980 kamfanin motoci na Ford yana da ma'aikata fiye da 500 a sashen biyan masu kawo kaya na Arewacin Amurka. Shugabanninsa suna fatan rage su zuwa 400, sai suka leƙa kamfanin Mazda na Japan, wanda Ford ke da hannun jari a cikinsa, suka tarar mutum biyar ke wannan aiki. Ko an yi la'akari da cewa Mazda bai kai Ford girma ba, tazarar ta yi yawa. Michael Hammer ya ba da labarin a mujallar Harvard Business Review a 1990. A tsohon tsarin, akawun Ford sai ya daidaita abubuwa 14 tsakanin oda da takardar karɓar kaya da inbois kafin ya biya, kuma mafi yawan lokacin sashen yana tafiya ne a kan takardun da suka ƙi dacewa, wasu a yi makonni ana warware su.

Abin da Ford ya yi shi ne ya cire inbois daga lissafin gaba ɗaya, ya ce wa masu kawo kaya su daina aikowa. Mai saye ya shigar da oda a kwamfuta. Kaya in sun iso, ma'aikacin da ke bakin ƙofar karɓa ya duba allon: in sun dace da wata oda da ake jira ya karɓa ya shigar, kwamfuta ta shirya biya a lokacinsa, in ba su dace ba ya mayar da su. Abubuwan daidaitawa suka ragu daga 14 zuwa uku, lambar kaya da ma'auni da lambar mai kawowa, kuma a inda aka kafa tsarin yawan ma'aikatan ya ragu da kashi 75 cikin ɗari.

Wasu kan karanta wannan labari su ce ashe daidaita takardu ɓata lokaci ne. Ba haka labarin ya nuna ba. Takardar da Ford ya jefar ita ce ta mai neman biya, wadda dama ba ta da ikon kafa farashi ko adadi. Ya riƙe oda, ya riƙe shaidar karɓa, ya kuma ɗora nauyin duka a kan mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa. Hakan ya yiwu ne domin farashinsa a ƙulle yake cikin yarjejeniya mai tsawo, kuma yana da ƙarfin da zai juya mota ta koma. Ɗan kwangilar da ke sayen siminti a kasuwar da farashi ke motsi kowane mako ba ya da wannan gata, ga shi kuma hukumar haraji tana son ganin inbois.

Akwai abubuwan da takardun uku ba sa gani, kuma gara a faɗe su ƙarara domin kada mai kamfani ya kwanta da saleɓa. Ba sa gane farashin da aka kumbura tun a oda. In jami'in sayayya ya rubuta buhu a kan 11,000 alhali kasuwa 9,500 take, inbois zai zo da 11,000, komai ya dace. Maganin wannan yana can baya, wajen neman farashi daga mutum biyu ko uku kafin a rubuta oda. Ba sa gane odar da aka rubuta bayan kaya sun iso, wadda aka kwafe daga inbois don kawai a cika fayil. Ita wannan kwanan wata ke tona ta, in aka ga oda ta girmi inbois da rana ɗaya ko ma inbois ya girme ta. Ba sa kuma gane haɗin baki. In mai oda da mai sito suka shirya da mai kaya, za a sami takardu uku masu tsabta a kan kayan da ba su taɓa shigowa ba, abin da ke fallasa su shi ne ƙirgar sito ta ba-zata, wadda wani daga waje zai yi ya gwada da littafi. Don haka ne ake nacewa kada mutum ɗaya ya riƙe biyu daga cikin ayyukan nan, yin oda da karɓar kaya da biyan kuɗi. A wurin da manaja ɗaya ke yin oda, ya aiki yaronsa ya karɓo, ya kuma sa hannu a baucar biya, takardun uku suna nan a fayil amma shaida ɗaya ce aka rubuta sau uku.

Sai babban gibi na ƙarshe, wanda ya ci manyan da ba a zata ba. Takardun uku suna amsa ko bashin gaskiya ne da kuma nawa ne, amma ba sa amsa wane asusu kuɗin za su faɗa. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituwaniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya yi wa wani kamfani rajista a Latbiya da suna iri ɗaya da Quanta Computer, kamfanin Taiwan mai ƙera kayan kwamfuta wanda ke hulɗa da Google da Facebook. Aka riƙa aika wa ma'aikatan kamfanonin biyu saƙonnin imel da suka yi kama da na Quanta na gaskiya, ana cewa kuɗin da ake bin su a tura su wasu asusun banki da ke hannunsa. Fiye da dala miliyan 120 suka tafi ta wannan hanya. An kama shi a 2017, aka miƙa shi ga Amurka, ya amsa laifinsa a 2019, kotu a New York ta yanke masa shekara biyar a gidan yari. Abin lura shi ne bashin da aka karkatar na kaya da ayyuka ne na gaske. A irin wannan hali oda na iya zama daidai, kaya sun iso, adadi ya dace, kuɗi kuma su tafi hannun wani. Shi ya sa canjin lambar asusun mai kaya ake ɗaukar shi aiki dabam: ba a karɓar shi daga inbois ko saƙon waya, sai an kira mai kayan a tsohuwar lambar da ke fayil, ba wadda ta zo a saƙon ba, kuma wanda ke canja asusun a kwamfuta ba shi ne mai tura kuɗi ba.

Akwai kuma ɓangaren da masu rubutu a kan tsare dukiya kan manta, wato mai kayan da ke jiran haƙƙinsa. Tsarin da aka kafa don kada a biya abin da ba a karɓa ba, a hannun marar tausayi yakan zama sandar jan rai. Ƙaramin ɗan kasuwa ya ci bashi ya kawo kaya, ya zo wata guda bayan haka a ce masa takardar sito ba ta hauro ba, ya je sito a ce oga ya yi tafiya, har ya fahimci cewa ana jiran ya ga wani. Wannan zalunci ne, kuma yana dawowa kan mai saye, domin wanda aka wahalar sau ɗaya zai saka kuɗin jira a farashinsa na gaba. Dokar sayayyar gwamnatin tarayyar Najeriya ta 2007 ta san da wannan, ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa inbois an kuma tabbatar da shi jinkirtaccen biya ne, kuma akwai ƙarin da za a ɗora wa hukumar gwargwadon abin da kwangila ta tanada. Ofishin da ke da tsari yakan sa ƙa'ida cewa takardar sito ta isa wurin akanta cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma in an riƙe inbois a gaya wa mai shi dalili a rubuce tun a makon. Inda saɓanin ya shafi wani ɓangare kawai, kamar buhu 20 cikin 600, ba dalilin riƙe kuɗin 580 da ba a jayayya a kansu, muddin an rubuta a fili abin da aka biya da abin da ya rage.

Mai kawo kaya shi ma yana da abin yi. Kada ya ɗaga kaya sai ya ga oda mai lamba da sa hannu, ya rubuta wannan lamba a wabil da inbois, ya yi amfani da ma'aunin da oda ta yi amfani da shi, kuma direbansa kada ya bar bakin sito sai da kwafin takardar da aka sa wa hannu da adadin da aka karɓa. In farashi ya motsa, ya nemi a gyara oda kafin lodi.

Ƙaramar sana'a, gidan burodi ko kantin magani ko makarantar kuɗi mai ma'aikata goma, ba ta buƙatar manhaja mai tsada kafin ta yi wannan. Littafi biyu masu kwafi da lamba a jere sun isa, ɗaya na oda a hannun mai saye, ɗaya na karɓar kaya a hannun wani dabam da ke bakin sito. Inda ma'aikata ba su kai a raba aikin gida uku ba, mai sana'ar da kansa ya riƙe biyan kuɗi, kada ya tura ko sisi sai an kawo masa takardun uku a maƙale da juna, kuma lokaci-lokaci ya ɗauki takardar sito ɗaya ba tare da ya sanar ba, ya shiga ciki ya ƙirga buhunan fulawar da ta ce an karɓa, ya cire waɗanda littafin fitarwa ya nuna an kai wurin kwaɓi, ya ga ko abin da ya rage a ƙasa ya kai.